Ekses a inshorar mota: kason da za ka biya daga aljihunka, da yadda ɗaga shi yake sauya kuɗin shekara

Duk wanda ya sayi cikakkiyar inshorar mota, wato wadda ta haɗa da lalacewar motarsa shi kansa, akwai wani layi a takardarsa da yake cewa in an yi hatsari, wani kaso na kuɗin gyara a wuyansa yake. Wannan kason shi ne ma'aikatan inshora suke kira ekses. Kamfani yana lissafa abin da gyaran ya ci, ya cire ekses, ya ba ka saura. Mutane da yawa ba sa ganin wannan layi sai ranar da suka je karɓar diyya, su tarar kuɗin bai cika ba, su ɗauka an cuce su, alhali sharaɗin yana rubuce tun ranar da suka biya.

Kamfani yana da dalilai biyu na sa shi. Na farko, ƙananan ƙuje-ƙuje da fashewar madubi sun fi kowane irin hatsari yawa, kuma buɗe fayil da tura mai duba ɓarna kan gyaran dubu talatin yana iya cin kamfani kusan kuɗin gyaran. Na biyu, mutumin da ya san aljihunsa zai taɓu ya fi kula da inda yake ajiye mota da wanda yake ba makulli. Saboda haka ne kamfani yake yarda ya sassauta kuɗin shekara ga wanda ya amince ya ɗauki kaso mai girma, ya kuma ƙara kuɗi ga wanda yake so a ɗauke masa kason baki ɗaya. Abin da za mu bi daki-daki shi ne yadda za ka gane ko wannan ciniki ya yi maka.

Za mu yi aiki da mota ɗaya har ƙarshe: Toyota Corolla ta gida, wadda aka yi wa kuɗi naira miliyan 10 a takardar inshora. Farashin kamfani da adadin ekses da za ka gani a ƙasa na misali ne, sai ka cire su ka sa naka. Ƙa'idojin hukuma kuwa, inda na ambace su, na gaske ne.

Mataki na farko: nemo ekses ɗin a takardarka, ka gane siffarsa

Ba a takardar shaida mai shafi ɗaya da ake nuna wa 'yan sanda a hanya yake ba. Yana cikin cikakkiyar takardar yarjejeniya, musamman shafin da aka jera sunanka, lambar mota, darajarta da kuɗin da ka biya. In a waya aka turo maka, buɗe ta ka nemi kalmar `Excess`, wasu kamfanonin kuma `Deductible` suke rubutawa. In ejan ya ba ka takardar shaida kaɗai, ka matsa masa ya kawo cikakkiyar, haƙƙinka ne, kuma a cikinta ne za a yi maka hukunci ranar diyya.

Siffa uku yake zuwa da ita. Wani kuɗi ne tsayayye, a ce naira dubu 50 a kowane hatsari. Wani kaso ne cikin ɗari na kuɗin diyyar. Wanda ya fi yawa a takardun Najeriya shi ne haɗin biyun: kaso kaza cikin ɗari na diyya, ko kuma kuɗi kaza, duk wanda ya fi yawa. Ka kuma duba da kyau ko kason na diyya ne ko na darajar motar ne, don bambancin ba ƙarami ba ne. Kashi 10 na gyaran dubu 900 dubu 90 ne. Kashi 10 na darajar motar kuwa miliyan ɗaya ne cif.

Mu ɗauka takardar Corolla ɗinmu ta ce kashi 10 cikin ɗari na diyya ko naira dubu 50, duk wanda ya fi yawa. Ga yadda abin yake aiki a zahiri. A daidaita sahu ta goge ta a cunkoson Kantin Kwari, madubi ya karye, fenti ya ɗan ƙuje, gyara dubu 40: kamfani ba zai biya ko sisi ba, domin gyaran bai kai ekses ba. Wata rana ta bugi bayan wata mota a hankali, bamba ya tsage, fitilar gaba ɗaya ta fashe, aka kai gyaran dubu 180. Kashi 10 na wannan dubu 18 ne, bai kai dubu 50 ba, don haka dubu 50 za a cire, kamfani ya biya dubu 130. In karon ya yi ƙarfi, bonet ya lotsa, lagireto ya fashe, fitilu biyu suka tafi, gyara ya kai dubu 900, to yanzu kashi 10 ya zama dubu 90, ya zarce dubu 50, shi za a cire, ka karɓi dubu 810. Iyakar da lissafin yake juyawa ita ce gyaran dubu 500. Ƙasa da haka dubu 50 kake biya, sama da haka kasonka yana hawa tare da ɓarnar.

Mafi nauyi shi ne ranar da aka sace motar ko ta lalace yadda ba ta gyaruwa. In takardarka ba ta ware wa wannan nasa sharaɗi ba, kashi 10 na miliyan 10 miliyan ɗaya ne. Ka tambayi wannan tun kafin ka biya, a kuma nuna maka layin da yake magana a kansa.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: ekses a kan kowane hatsari yake, ba a kan shekara ba. In ka yi hatsari uku a shekara ɗaya, sau uku za a cire.

Mataki na biyu: tara duk ekses ɗin da za su iya hawa kan juna

Wanda muka yi lissafi da shi na dole ne, kamfani ne ya sa shi. Akwai na ganin dama, wanda kai da kanka ka yarda a ƙara maka don a rage kuɗin shekara, kuma a bisa al'ada ɗora shi ake yi a kan na dolen, ba ya maye gurbinsa. Takardu da yawa suna da na uku, na direba mai ƙananan shekaru ko sabon lasisi, wanda yake tashi kawai in irin wannan direban ne a kan sitiyari lokacin hatsarin. Iyakar shekarun ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ɗanka da ya karɓi lasisi bana yana fita da motar da yamma, wannan layin ya shafe ka fiye da kowa. Gilashin gaba ma wasu suna ware masa nasa sharaɗin.

Ka rubuta su a takarda, ka haɗa su a kan mafi munin hali da zai iya faruwa a gidanka. Wannan jimillar ita ce ainihin abin da ka ɗauka.

Mataki na uku: san ƙasan da farashi ba ya wucewa

A nan ne lamarin Najeriya ya sha bamban, kuma wanda bai san shi ba zai iya ɗaukar nauyi a banza. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da sanarwar sabon farashin inshorar mota da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023. Abin da ya fi yin ƙara a lokacin shi ne ɗaga inshorar ɓangare na uku ta motar gida, wato wadda take biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai, daga naira dubu 5 zuwa dubu 15, da ɗaga iyakar diyyar dukiyar wani zuwa miliyan 3. Amma a cikin sanarwar akwai wani sharaɗi da ya shafi maganarmu kai tsaye: kuɗin cikakkiyar inshora ba zai yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba, bayan an cire duk wani rangwame.

Ma'anar wannan ga Corolla ɗinmu ita ce naira dubu 500 a shekara shi ne ƙasa. In kamfani ya yanka maka kashi 6, wato dubu 600, duk filin cinikin da kake da shi dubu 100 ne, ko da ka yarda a ɗora maka ekses na miliyan biyu. In kuwa tun farko kashi 5 aka yanka maka, ƙara ekses ba zai rage maka komai ba bisa wannan ƙa'ida, sai dai ya rage wa kamfani abin da zai biya. Don haka kafin ka buɗe baki ka yi maganar ekses, raba kuɗin da aka ce ka biya da darajar motar, ka ga a kashi nawa kake. In kana kan biyar, ka bar ekses ɗinka yadda yake. In kuma wani ya zo maka da cikakkiyar inshora a kashi biyu ko ɗaya da rabi, ka tsaya ka karanta abin da ta rufe, don sau da yawa takardar ba cikakkiya ba ce, tana da iyakar diyya mai ƙanƙanta, ko kuma ta jabu ce. Ana iya duba sahihancin inshorar mota da lambar motar a shafin `askniid.org`.

Mataki na huɗu: nemi farashi uku a rubuce, mota ɗaya, sharaɗi ɗaya

Ka ce wa kamfani ko dillalinka ya ba ka farashi a kan ekses na dole kaɗai, sannan a kan ƙarin ekses ƙarami, sannan babba. Komai ya zama iri ɗaya, darajar mota da direbobin da aka yarda su tuƙa da abin da aka rufe, ekses kaɗai ya sauya. In ba haka ba, za a rage maka kuɗi ta hanyar cire ambaliya ko tarzoma daga abin da aka rufe, kai kuma ka ɗauka ekses ne ya kawo ragin.

A ce ga abin da aka ba mai Corolla:

| Zaɓi | Ƙarin ekses | Kuɗin shekara | Ragi |
|---|---|---|---|
| Na ɗaya | babu | 600,000 | babu |
| Na biyu | 100,000 | 550,000 | 50,000 |
| Na uku | 300,000 | 500,000 | 100,000 |

Ka lura da yadda ragin yake tafiya. Dubu 100 na farko da ya ɗauka sun sayo masa ragin dubu 50. Don ya sami wasu dubu 50 ɗin, sai da ya ƙara ɗaukar dubu 200. Haka lamarin yake a ko'ina, kuma dalilinsa a fili yake. Ƙarin farko yana kawar wa kamfani da tarin ƙananan diyyoyi, waɗanda su ne mafi yawa. Ƙarin da ya biyo baya yana taɓa hatsarin da ba kasafai yake faruwa ba, sata da mummunan karo kuwa suna nan a wuyan kamfani kusan yadda suke. Shi ya sa ninka ekses ba ya ninka ragi.

Mataki na biyar: lissafin shekara nawa

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma lissafin ɗan firamare ne:

```
shekaru = ƙarin ekses ÷ ragin shekara
```

Amsar tana gaya maka shekara nawa kake bukata ka yi ba tare da neman diyya ba kafin ragin da ka tara ya biya ƙarin da za a cire maka a hatsari ɗaya. Zaɓi na biyu, dubu 100 a raba da dubu 50, shekara 2. Zaɓi na uku, dubu 300 a raba da dubu 100, shekara 3. Amma ka auna matakin da yake tsakanin na biyu da na uku shi kaɗai: dubu 200 a kan ragin dubu 50, shekara 4 ke nan. Wato wanda ya hau daga na biyu zuwa na uku yana sa ran shekara huɗu a jere babu babban karo.

Yanzu ka waiwayi tarihin motarka da gaskiya. Ka tuna sau nawa ta je wurin mai gyaran bodi a shekaru biyar da suka wuce, da abin da kowane zuwa ya ci. Waɗanda ba su kai dubu 50 ba ka cire su daga lissafi, don dama kai za ka biya su a kowane zaɓi. Sauran su ne ma'auni.

Mu ce mai Corolla ya yi hatsari biyu da muka ambata a cikin shekara biyar, na dubu 180 da na dubu 900. A zaɓi na ɗaya ya biya ekses dubu 50 da dubu 90, jimilla dubu 140, ga kuɗin inshora na shekara biyar miliyan 3, duka miliyan 3 da dubu 140. A zaɓi na biyu ekses ɗinsa ya zama dubu 150 da dubu 190, jimilla dubu 340, kuɗin inshora miliyan 2 da dubu 750, duka miliyan 3 da dubu 90. A zaɓi na uku, gyaran dubu 180 bai kai ekses ɗin dubu 350 ba, shi zai biya shi gaba ɗaya, na biyun kuma a cire masa dubu 390, jimilla dubu 570, kuɗin inshora miliyan 2 da rabi, duka miliyan 3 da dubu 70.

Duba sakamakon da idon basira. Zaɓi na uku ne ya fi arha, amma da dubu 20 kacal ya fi na biyu a tsawon shekara biyar, kuma farashin wannan ɗan bambanci shi ne ranar da mota take gareji sai ya nemo dubu 390 a dunƙule maimakon dubu 190. In da ƙarin hatsari ɗaya babba ya shigo cikin shekarun nan, na uku zai koma mafi tsada a cikinsu. A ra'ayina zaɓi na biyu ne ya dace da wannan mutum. In kuwa motar ta ofis zuwa gida ce, tana kwana a cikin gida, mutum ɗaya yake tuƙa ta, shekara biyar ba ta ga mai fenti ba, to na uku zai bar masa dubu 500 a aljihu, kuma ya cancanta.

Bayan lissafi akwai tambayar da lissafi ba ya amsawa: in abin ya faru gobe, kana da kuɗin a hannu? Ragi yana shigowa kaɗan-kaɗan ya narke cikin cefane da kuɗin makaranta, ekses kuwa rana ɗaya yake sauka. Kada ka ɗauki ekses da ya wuce abin da za ka iya fitarwa cikin mako ɗaya ba tare da ka ci bashi ko ka taɓa jarinka ba. Hanya mafi tsafta ita ce ka ware ragin kowace shekara a wani asusu da sunan motar. In banki ne ya ba ka rancen sayen motar, ka duba yarjejeniyarku tukuna, don mai yiwuwa ta ƙayyade irin inshorar da za ka yi.

In ka juya lamarin: sayen ekses

Tun da ƙasan kashi 5 ya taƙaita ragi, abin da za ka fi ji a bakin ejan a Najeriya shi ne akasinsa: ka ƙara kuɗi a ɗauke maka ekses. A takarda za ka gan shi da sunan `Excess Buy-Back`, kuma ana yawan yanka shi kusan kashi 1 cikin ɗari na darajar motar. Ga Corolla ɗinmu dubu 100 ke nan a shekara, dubu 500 a shekara biyar, don a ɗauke masa ekses ɗin dubu 140. Ga mai irin wannan tarihi asara ce. Yana fara amfani ne ga wanda yake neman diyya fiye da sau biyu a shekara, ko wanda ɓarnarsa take haura miliyan ɗaya kusan duk shekara. Abin da zai iya sauya hukuncin shi ne miliyan ɗayan nan na sata ko lalacewa gaba ɗaya. Ka tambaya ƙarara ko sayen ya ɗauke shi ma, da na sabon direba, a rubuta maka amsar. In bai ɗauke ba, ka sayi kariya daga ƙaramin abu ka bar babban.

Masu takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, su ma lissafinsu ke nan. Gudummawa ake kiran kuɗin shekara, asusun na mahalarta ne, amma takardar tana ɗauke da ekses ita ma, kuma da wannan rabawar za ka auna shi.

Ranar diyya: gane abin da aka cire

In takardar biyan diyya ta zo, kada ka sa hannu sai ka ga kowane ragi da sunansa, domin ba duk abin da aka cire ne ekses ba. Akwai ragin tsufa, inda aka sa maka sabon abu a madadin wanda ya riga ya ci rabin rayuwarsa, kamar taya ko batir, sai a ce ka biya bambancin. Akwai kuma ragin ƙarancin daraja, wanda ya fi ciwo tun bayan faɗuwar naira daga 2023, lokacin da farashin motoci da kayan gyara ya tashi amma mutane suka ci gaba da sabunta inshora a kan tsohon kuɗi. In motar da take kai miliyan 10 a kasuwa an yi mata inshorar miliyan 6, kuma takardarka tana da wannan sharaɗi, kamfani zai iya biyan kashi 60 na gyaran kawai. Gyaran dubu 900 ya koma dubu 540, sannan a zo a cire ekses. Rage darajar mota don a rage kuɗin shekara ya fi ɗaga ekses haɗari nesa ba kusa ba, domin shi ba ka san iyakarsa ba sai ranar.

In laifin wani direban ne, kamfaninka zai cire ekses ɗinsa duk da haka, amma kana da damar bin wancan ko kamfanin inshorarsa ya biya ka shi. Wannan ya fi yiwuwa in ka ɗauki hoton motocin a inda suka tsaya, da lambar motarsa da takardar inshorarsa, ka kuma sami rahoton 'yan sanda. Sulhun bakin titi da ake yi a watse ba rubutu yana rufe wannan ƙofa, wani lokaci ma ya ba kamfaninka hujjar ja da baya, tun da ka yafe abin da shi zai bi.

Gyaran da ya ɗara ekses da kaɗan, kamar dubu 70 a kan ekses ɗin dubu 50, ka yi tunani kafin ka nemi diyya. Dubu 20 za ka karɓa, kuma kana iya rasa rangwamen da ake ba wanda bai nemi diyya ba a sabuntawar baɗi. Ka sanar da kamfani hatsarin cikin wa'adin da takarda ta sa ko da kai za ka gyara, musamman in akwai wani da abin ya shafa. Shawarar da wasu garejin suke bayarwa kuwa, a cusa ekses ɗin cikin kiyasin gyara don kamfani ya biya duka, ka guje ta. Ha'inci ne, mai duba ɓarna kuma ya san kuɗin bamba da fitila a Ƙofar Ruwa ko Panteka kamar yadda makanikenka ya sani, kuma takardar ta ba kamfani ikon soke diyyar gaba ɗaya in ya kama ƙari a ciki.